Na sayar da 4,000 na bar 6,000, an biya dibidan sau biyu: kashi nawa na ci?

Ɗan Mabera: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi. Akwai lissafin da ya tsaya mani a wuya tun shekaranjiya, ina neman taimako. Ranar 2 ga Janairun 2025 na sayi hannun jari guda 10,000 na wani kamfani a kan naira 20 kowane ɗaya, wato naira 200,000. Ranar 25 ga Afrilu anka biya dibidan, wato rabon ribar kamfani, na naira 1 da kwabo 50 a kowane hannu, alat ɗin naira 13,500 ya shigo mani. Da damina ta kankama na buƙaci kuɗin taki da na 'yan ƙwadago, sai na sayar da 4,000 ranar 2 ga Yuli a kan naira 26, ya kama naira 104,000. Ranar 19 ga Satumba anka sake biyan kwabo 50, na ga alat ɗin 2,700. Ranar 31 ga Disamba farashin ya rufe a naira 23, kuma har yanzu sauran 6,000 suna hannuna. Kashi nawa cikin ɗari na ci a wannan shekarar? Sau uku ina yi, amsa uku nake samu.

Na Gwiwa: Wa alaikumussalam. Ai wannan ba sai an wahala ba. Ka buɗe manhajar dillalinka ka duba. 6,000 sau 23 ya ba ka 138,000, ka ƙara dibidan 16,200, ya zama 154,200. Ka zuba 200,000. Faɗuwa ce abokina, ta kusan dubu 46. Allah ya mayar da alheri.

Alhaji Mai Albasa: Subhanallahi. Na Gwiwa, dubu ɗari da huɗun da yaron yas sa aljihu ran 2 ga Yuli fa, aljani ya ɗauke su? In kana da tumaki goma kas sai da huɗu a Kara, ka dawo gida ka ƙirga shida, ba ka cewa ka yi asarar huɗu.

Na Gwiwa: Kash, na tsallake layin sayarwar. A yi haƙuri, a kan babur nake karantawa.

Ɗalibin Danfodiyo: Mun yi wannan a aji. Ana ɗaukar farashin ƙarshe, a cire na farko, a ƙara duk dibidan ɗin da aka biya, a raba da farashin farko.

```
(23 - 20 + 1.50 + 0.50) / 20 = 0.25
```

Kashi 25 cikin ɗari ke nan, Yaya. Yawan hannun jarin ba ya canza komai, ko guda ɗaya ne ko miliyan.

Ɗan Mabera: To ka ga, wannan ɗaya ce daga cikin amsoshina uku. Amma zuciyata ba ta kwanta da ita ba, domin naira 26 ɗin da na sayar ba ta fito ko'ina a cikin lissafinka ba. Kamar ban sayar da komai ba.

Alhaji Mai Albasa: Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma lissafin kasuwa guda na: mi kaz zuba, mi yad dawo. Ka zuba 200,000. Abin da yad dawo: 104,000 na sayarwa, 138,000 na kayan da ke hannu, sai dibidan naira 2 sau 10,000, wato 20,000. Jimla 262,000. Riba 62,000, kashi 31 cikin ɗari. An gama, a kawo wata maganar.

Tsohon Akanta: Alhaji, Allah shi ba ka nasara, hanyarka daidai take, amma ka ba yaron kuɗin da ba su taɓa shiga hannunsa ba. Mu koma kan tumakinka. Goma sun haihu a Afrilu, ka sayar da huɗu a Yuli, sannan anka sake haihuwa a Satumba. 'Ya'yan haihuwa ta biyu na tumaki shida ne, na huɗun can suna gidan wanda ya saye su. Dibidan na biyu a kan 6,000 anka biya shi, kwabo 50 sau 6,000, naira 3,000 ke nan, ba 5,000 ba.

Sannan akwai harajin kashi 10 cikin ɗari da ake cirewa daga dibidan tun kafin ya iso asusun mutum. Shi ya sa 15,000 na Afrilu ta zo masa a 13,500, ita kuma 3,000 ta Satumba ta zo a 2,700. Alat ɗinsa biyu sun riga sun faɗa mana gaskiya. Don haka:

```
13,500 + 104,000 + 2,700 + 138,000 = 258,200
258,200 - 200,000 = 58,200
58,200 / 200,000 = 0.291
```

Kashi 29.1 cikin ɗari a kan uwar kuɗin da ya zuba. In ba a cire haraji ba, 30 cif. Ni na fi son 29.1 domin ita ce ta taɓa hannunsa.

Alhaji Mai Albasa: Na karɓa, Malam. Dubu biyu na ƙara mashi daga tumakin wani, dubu ɗaya da ɗari takwas kuma na gwamnati na.

Ɗalibin Danfodiyo: Amma Baba Akanta, nawa ma ba kuskure ba ne. Haka yake a rubuce.

Tsohon Akanta: Ba kuskure ba ne ɗana, sai dai tambayar da ka amsa ba ita anka yi ba. Kai ka faɗa mana abin da hannun jari guda ɗaya ya kawo wa wanda ya riƙe shi daga Janairu har Disamba bai taɓa shi ba. Wannan labarin kamfanin ne. Ɗan Mabera labarin aljihunsa yake tambaya, kuma kashi 40 cikin ɗari na kayansa ba su kai Disamba ba.

Bari in nuna maka inda taka ta shiga cikin tawa, don ka ga ba faɗa suke ba. A raba kayan gida biyu, kamar mutum biyu ne sunka saya rana ɗaya.

Na farko ya sayi 4,000 a kan 80,000. Ya samu dibidan ɗin Afrilu kaɗai, naira 1.35 bayan haraji sau 4,000, wato 5,400. Ya sayar 104,000. Ribarsa 24,000 ta farashi da 5,400 ta dibidan, 29,400. A raba da 80,000, kashi 36.75 cikin ɗari, kuma cikin wata shida.

Na biyu ya sayi 6,000 a kan 120,000. Ya samu dibidan duka biyun, 8,100 da 2,700, wato 10,800. Kayansa sun kai 138,000. Ribarsa 18,000 da 10,800, ya zama 28,800. A raba da 120,000, kashi 24 cikin ɗari cikin shekara guda. Wannan 24 ɗin ita ce 25 ɗinka bayan an cire haraji.

Ka haɗa 29,400 da 28,800, ka dawo kan 58,200 ɗinmu. In ka yi lissafi ta hanyoyin nan biyu ba su haɗu a lamba ɗaya ba, to ka ɗora dibidan a kan hannun jarin da ba nasa ba, ka koma ka duba.

Na Gwiwa: To in haka ne a haɗa 36.75 da 24 a raba biyu mana. Ya ba da 30 da ɗan wani abu.

Tsohon Akanta: A'a. Da za a yi haka in da rabi da rabi ya raba. Kashi na farko naira 80,000 ce cikin 200,000, na biyu 120,000. Sai ka ba kowanne nauyinsa: 36.75 sau 0.4 ya ba da 14.7, 24 sau 0.6 ya ba da 14.4. Haɗa su, 29.1.

Ɗan Mabera: Allah shi saka da alheri Baba. Yanzu na gane amsata ta uku ma inda ta fito. Na raba 58,200 da 120,000 ne, ina cewa ai abin da ya rage mani a ciki ke nan, sai na ga 48.5, har na fara yi wa mai ɗakina albishir.

Maman Ikram: Ka ce mata ta dakata da cefanen tukuna. Ribar kaya 10,000 ka ɗora a kan kuɗin kaya 6,000.

Ni tambayata daban ce, Baba Akanta. Nawa ya faru ne a wani banki da nake da hannun jari. Na sayar da rabi, bayan kamar kwana goma sai ga alat ɗin dibidan, kuma da na lissafa a kan duka anka biya ni, har da waɗanda na sayar. Na ɗauka kuskure sunka yi, na bar kuɗin ban taɓa ba wata biyu ina jiran su zo su karɓa. To a lissafi irin wannan ina zan sa shi?

Tsohon Akanta: Hajiya, kuɗinki ne halak malak. Ba ranar biya ake dubawa ba. Duk kamfanin da zai raba dibidan yana sanar da ranar cancanta, wato ranar da za a duba rajista a ga sunan wa ke kan kowane hannun jari, sannan ya sanar da ranar biya, wadda kan zo bayanta da kwanaki ko makonni. Wanda sunansa ke rajista a ranar cancanta shi rijistara, mai riƙe da rajistar, zai tura wa kuɗin, ko da ya sayar washegari. Ke kin sayar tsakanin ranakun biyu. A lissafi sai ki sa wannan dibidan ɗin a kan kason da kinka sayar ma, kamar yadda munka sa 5,400 a kan 4,000 ɗin Ɗan Mabera.

Shi nasa babu ruɗani, tsakanin 2 ga Yuli da 19 ga Satumba akwai nisa, kuma 2,700 ɗin ta tabbatar. Amma duk wanda ya sayar kusa da lokacin rabo, kada ya yi zato, ya raba alat ɗin da 0.9, sannan ya raba da abin da anka sanar a kowane hannu. Lambar da ta fito ita ce yawan hannun jarin da anka biya shi a kai. Gwada da nasa: 2,700 a raba da 0.9 ya ba da 3,000, a raba da kwabo 50 ya ba da 6,000.

Maman Ikram: Kai, da na san wannan da ban yi wata biyu ina zullumi ba.

Na Gwiwa: Ni fa akwai abin da bai shige ni ba. Dibidan ɗin da ake biya a Afrilu, ai na ƙarshen shekarar da ta gabata ne, ribar da kamfani ya ci a 2024. Shi kuma sai Janairun 2025 ya saya. Me ya sa za a sa shi cikin ribar 2025? Ni a ganina na Satumba kaɗai ne na bana.

Ɗalibin Danfodiyo: Gaskiya ne daga ribar 2024 aka ciro shi, amma wannan lissafin littafin kamfani ne. Yaya Ɗan Mabera a 2025 ya karɓa, kuma da kuɗinsa ya saya. Lokacin da ya biya naira 20 a Janairu, kasuwa ta san akwai rabo a tafe, yana cikin farashin. Shi ya sa ma da zarar ranar cancanta ta wuce, kasuwar hannun jari ta Najeriya, NGX, take rage farashin da daidai adadin dibidan ɗin kafin a buɗe ciniki. In ka ƙi ƙirga dibidan ɗin, ka ƙirga raguwar farashin amma ka bar abin da ya jawo ta.

Tsohon Akanta: Madalla ɗana, wannan ka faɗe ta daidai, ba ni da ƙari.

Ɗalibin Danfodiyo: To tunda na samu baki, Baba, bari in kawo ƙorafina a kan 29.1 ɗinka. Ka raba da 200,000 kamar kuɗin sun kwana a kasuwa shekara guda. Alhali tun Yuli fiye da rabinsu sun fita sun tafi gona. Na zuba ranakun da kuɗin a Excel, abin da ya fita da alamar ragi, abin da ya shigo babu alama, kuma na ɗauki 138,000 kamar an sayar ranar ƙarshe, sai na sa XIRR, dabarar da ke fitar da ribar shekara bisa ranakun shiga da fitar kuɗi:

```
2025-01-02   -200000
2025-04-25     13500
2025-07-02    104000
2025-09-19      2700
2025-12-31    138000
=XIRR(B1:B5,A1:A5)
```

Ya ba ni kashi 41 cikin ɗari.

Alhaji Mai Albasa: Ikon Allah! Ɗazu 25 kac ce, yanzu 41. Yaro, ribar nan naira 58,200 ta, ba ta ƙaru da kwabo ba tun da munka fara magana. In 41 ta, kashi 41 na 200,000 dubu 82 ke nan. Ina sauran dubu 24 ɗin? Kwamfuta za ta biya shi?

Tsohon Akanta: Alhaji, tambayarka ta yi kyau, amma yaron bai yi ƙarya ba. Ka ɗauka ka ba mutum biyu jari, kowanne 200,000, kowanne ya kawo maka ribar 58,200 a ƙarshen shekara. Na farko ya riƙe kuɗinka duka har Disamba. Na biyu tun Yuli ya dawo maka da 104,000 ka ci gaba da juya su. Wa ya fi yi maka aiki?

Alhaji Mai Albasa: Na biyu mana. Da rabin kuɗi yaƙ ƙarasa shekara.

Tsohon Akanta: To shi ne abin da 41 take faɗi. Ba a kan 200,000 take ba, a kan kuɗin da ke cikin kasuwa ne a kowace rana, an mayar da shi ma'aunin shekara. Za ka iya kusantarta da biro ba tare da kwamfuta ba. Naira 104,000 ba ta nan rabin shekara, sai ka cire rabinta, 52,000, daga 200,000. Saura 148,000, matsakaicin abin da ke aiki ke nan. Raba 58,200 da 148,000, ka samu kashi 39 da ɗoriya. Ɗan bambancin da ya rage ya zo ne daga dibidan ɗin da su ma sunka fito da wuri, da yadda kwamfutar ke ɗora riba kan riba.

Amma ga inda nake ja da ɗalibinmu. Ɗan Mabera ya ce kashi nawa ya ci a tsawon da ya riƙe. Amsar wannan 29.1 ce. In ya je yana faɗa wa mutane 41, kowa zai fahimce shi yadda Alhaji ya fahimta, a ɗauka dukiyarsa ta ƙaru da dubu 82. Ba ta ƙaru haka ba, sai fa in kuɗin da ya fitar sun ci gaba da kawo riba mai irin wannan ƙarfi a inda ya kai su.

Ɗalibin Danfodiyo: Ita ma 29.1 ɗin tana da nata zaton ai. Tana ɗauka cewa 104,000 ɗin an sa ta ƙarƙashin katifa daga Yuli zuwa Disamba, ba ta haifi komai ba. Kuma ba haka aka yi ba, gona ta je. In yana so ya gwada wannan jarin da wani abu da ake faɗin ribarsa a shekara, kamar takardun lamunin gwamnati, 41 ce za ta yi masa adalci.

Tsohon Akanta: Na yarda da rabin farko. Rabi na biyu da sharaɗi: 41 ta samu ne a kan kuɗi kaɗan a wata shidan ƙarshe, kada ya ɗauka zai iya zuba ko nawa ya samu haka. Kuma kusan duk daɗin daga ciniki ɗaya ya fito, wanda ya yi a naira 26.

Ɗan Mabera: Wallahi ba dabara ba ce, taki ne ya matsa mani. Da ina da wani kuɗin da ban sayar ba.

Maman Ikram: To taki ya yi maka rana. Da ka riƙe duka har Disamba 24 za ka tashi da ita, wato 48,000. Sayarwar ta ƙara maka 10,200.

Na Gwiwa: Ta yaya kika samu 10,200, Hajiya?

Maman Ikram: Ya sayar a 26 abin da ya koma 23, ya tsira da naira 3 sau 4,000, dubu 12. Amma ya rasa dibidan ɗin Satumba a kansu, kwabo 45 bayan haraji sau 4,000, wato 1,800. Cire, saura 10,200. Ko ka cire 48,000 daga 58,200, duk ɗaya.

Tsohon Akanta: Hajiya ta kama bakin zaren. Akwai wata hanya da masu kula da kuɗin jama'a ke bi, in faɗe ta a gajarce tunda wani zai iya cin karo da ita. Suna yanke shekarar a ranar da kuɗi sunka fita. Daga Janairu zuwa 2 ga Yuli an ci 36.75. Daga nan zuwa Disamba an tashi daga 26 an koma 23 da kwabo 45, faɗuwar kashi 9.8. Sai a ninka 1.3675 da 0.902, a samu kimanin 23.3. Wannan tana auna hannun jarin ne, ta share tasirin shawarar mai shi gaba ɗaya. Ga Ɗan Mabera ba ta da wani amfani sosai, domin shi ne mai shawarar.

Ɗalibin Danfodiyo: Me ya sa ba ta fito 24 daidai ba, tunda duk hannun jarin suke aunawa?

Tsohon Akanta: Saboda ninkawar tana ɗauka an mayar da naira 1.35 ta Afrilu cikin hannun jarin a farashin 26, ita ma ta sha faɗuwar wata shidan ƙarshe. Ta 24 kuwa ta bar dibidan ɗin a gefe bai ƙaru ba bai ragu ba.

Alhaji Mai Albasa: Kun cika mu da lambobi. Ni abin da ban ji kowa ya ambata ba shi na la'ada. Ko buhun albasa ɗaya kas sai da, dillali na da nashi, mai ɗauka na da nashi. Wanga dillalin na hannun jari sadaka shi kai?

Ɗan Mabera: Alhaji ka tuna mani. Na duba takardun cinikin da dillali ya turo ta imel. Ranar saye abin da anka cire a asusuna ya kai kusan 203,000, ba 200,000 ba. Ranar sayarwa kuma kusan 102,000 ce ta shigo, ba 104,000 ba. Akwai layuka da yawa a ƙasa, na dillali, na CSCS mai ajiyar hannun jari, na hatimi, da wasu.

Tsohon Akanta: To ka ga, da wannan ya kamata mu fara, laifina ne da ban tambaya ba. Kullum lambar ƙasan takardar ciniki ake ɗauka, ba farashi sau yawa ba. Uwar kuɗinka 203,000 ce. Abin da ya dawo: 13,500 da 102,000 da 2,700 da 138,000, jimla 256,200. Riba 53,200. A raba da 203,000, kashi 26.2 cikin ɗari. La'adar dubu biyar ta cinye kusan maki uku. In kana son raba kayan gida biyu kamar ɗazu, ka raba 3,000 ta saye bisa yawa, 1,200 a kan waɗanda ka sayar, 1,800 a kan waɗanda ka riƙe. Ta sayarwa kuwa duk a kan 4,000 ɗin take.

Alhaji Mai Albasa: Saura ɗaya. 138,000 ɗin nan ba kuɗi ba ta, lamba ta a waya. Ran da zai sai da su sai an cire la'ada, in an bi yadda anka cire mashi a Yuli ta haura dubu biyu da rabi. A cire ta tun yanzu. Ni albasar da ke rudu ba ni ƙirga ta da farashin kasuwa, sai na rage ruɓa da kuɗin mota.

Ɗalibin Danfodiyo: A'a Alhaji, ba a cire kuɗin da ba a kashe ba. Ƙa'ida ita ce a kimanta abin da ke hannu da farashin rufewa. In ka cire la'adar bana, baɗi ma da wace lamba zai fara? Dole ya fara lissafin 2026 da 138,000, in ba haka ba shekarun biyu ba za su haɗu ba.

Alhaji Mai Albasa: Shi fara da abin da yar rage bayan an cire mana. Mi ab abin wahala?

Tsohon Akanta: Kowannenku na da hujja. A littafi yadda ɗalibi ya ce ake yi, ni ma haka na saba. Amma in mutum na shirin sayarwa cikin satin nan, lambar Alhaji ce za ta shigo asusunsa. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ya rufe 2025 da lamba ɗaya ya buɗe 2026 da wata.

Maman Ikram: Ɗan Mabera, kafin ka rubuta komai, ka tabbata dibidan ɗin biyu ne kawai kuma duk sun shigo. Ni akwai wani kamfanin da na shekara ban ga nawa ba, ashe sunana na takardar rijistara ya saɓa da na banki da harafi ɗaya. Sai da na sake cike fom ɗin biya ta banki sannan anka saki kuɗin gaba ɗaya. Baba Akanta, irin wannan a wace shekara za a sa shi?

Tsohon Akanta: A lissafi irin na 29.1 ni a shekarar da kinka cancanta nake sa shi, domin haƙƙinki ne tun ranar, bashi ne kike bi. A cikin XIRR kuwa ranar da ya shigo asusu za ki rubuta, tunda ita da ranaku take aiki, kuma jinkirin asara ce ta gaske.

Ɗalibin Danfodiyo: Yaya Ɗan Mabera, turo mani ainihin lambobin takardun biyu har kwabo, in sake zuba su. 41 ɗin ma za ta sauka.

Ɗan Mabera: Zan turo bayan la'asar in sha Allah, wayar da imel ɗin ke ciki tana caji a shagon maƙwabci. A littafina dai na rubuta 53,200, na sa 26.2 a gefe. Maganar cire la'adar sauran hannun jari 6,000 ɗin ban yanke ba tukuna, domin ban san ko zan sayar kafin rabon Afrilu ba.

Alhaji Mai Albasa: In za ka sai da, tambayi Malam ranar cancanta tukuna. Kuma ba ka hwaɗa muna buhu nawa gonar tab bayar ba.